Yadda za ka sanar da abokan aiki ta imel cewa lokacin sabunta dashbod ya canza

Canza lokacin da dashbod ke sabunta bayanansa aikin minti biyu ne. Ka shiga saitin, ka goge ƙarfe shida, ka sa ƙarfe goma, ka danna Apply, shi ke nan. Wahalar tana cikin imel ɗin da za ka tura wa mutanen da suka saba buɗe dashbod ɗin da sassafe. Yawancinmu masu nazarin bayanai layi ɗaya muke rubutawa: "Daga Litinin za a riƙa sabunta dashbod da ƙarfe goma." Babu ƙarya a ciki, amma bai amsa tambayar da ke ran mai karantawa ba. Manajan da ke da taro da ƙarfe takwas da rabi bai damu da lokacin da injin zai fara aiki ba. So yake ya san cinikin wace rana zai gani idan ya buɗe da takwas da rabi.

Zan bi da kai ta kan wani canji da na yi a wani kamfanin rarraba kayan masarufi a Kano, mai depo bakwai, wanda dashbod ɗin cinikinsa ke kan Power BI. Da ƙarfe 6:00 na safe yake sabuntawa. Depo uku daga cikin bakwai ba sa iya tura cinikin ranar da dare, wani saboda wuta, wani saboda netwok, sai washegari tsakanin takwas da tara da rabi. Don haka adadin "jiya" da kowa ke gani da safe na depo huɗu ne kawai, kuma ba ya cika sai kwana ya sake zagayowa. Aka yanke a mayar da sabuntawar ƙarfe 10:00.

Kafin ka taɓa rubutu, gano lokacin da za ka yi alkawari

Ƙarfe goma lokacin da ka sa a saiti ne, ba lokacin da bayanan za su kasance a shirye ba. Power BI na ƙoƙarin fara aikin a cikin minti 15 daga lokacin da aka tsara, kuma idan akwai cunkoso a wajensu jinkirin na iya kai awa ɗaya. Bayan ya fara kuma sai ya ɗauki nasa lokacin yana jawo bayanai.

Buɗe Refresh history na semantic model ɗin, wato abin da a da ake kira dataset. Za ka ga lokacin farawa da na gamawa na kowace sabuntawa. Duba na mako biyu ko uku, ka ɗauki mafi tsawo, kada ka ɗauki matsakaici. Nawa yakan ɗauki minti 18 zuwa 25. Minti 15 na jiran farawa da minti 25 na aiki sun kai mu 10:40, sai na rubuta 10:45 a imel. Wannan shi ne lokacin da mutane za su riƙe. Idan ka ce musu goma, da goma da minti biyu wani zai buɗe, ya ga tsohon adadi, ya kira ka ya ce dashbod ya lalace.

Ka kuma tuna cewa tsawon aikin da asuba ba lallai ya zama daidai da na hantsi ba. Da shida na safe babu kowa a kan rumbun bayanan kamfani. Da goma kuwa masu rubuta rasit da 'yan akanta duk suna kansa. Saboda haka kwana biyu kafin in tura imel, na danna Refresh now da hannu da ƙarfe goma daidai don in ga yadda zai yi. Ya yi minti 24, ya tsaya cikin iyakar da na lissafa.

Wa ya jingina da tsohon lokacin?

Nan ne ainihin aikin yake. Tsohon lokaci kamar ginshiƙi ne da aka yi shekaru ana rataya masa kaya, wasu ma ba ka san da su ba. Hanyoyi biyu nake bi. Ta farko ita ce rahoton usage metrics, wanda zai nuna maka su waye suke buɗe rahoton. Ta biyu, wadda ta fi amfani, ita ce ka tashi daga kujerarka ka tambayi mutum biyar ɗin da suka fi buɗewa: da ƙarfe nawa kake dubawa, kuma me kake yi da abin da ka gani?

Da na yi haka, abu huɗu suka fito. Akwai taron manajoji na kullum da 8:30, inda ake haska dashbod ɗin a bango. Akwai saƙon da ke zuwa wa mutum goma sha ɗaya da kansa da 7:00, ɗauke da hoton shafin farko, domin sun yi Subscribe. Akwai wata 'yar akanta da ta haɗa fayil ɗin Excel da wannan semantic model, tana danna Refresh All da takwas don ta haɗa rahoton kuɗin da aka tara. Na huɗun shi ne wanda ban taɓa zato ba: mai tsara lodin motoci yana duba kayan da suka rage a kowane depo da bakwai da rabi kafin ya ce wa direbobi ga inda za su nufa. Ba ya cikin jerin waɗanda na yi niyyar tura wa imel ɗin ma.

Da na je wajen babban manajan ciniki da maganar taron, cewa ya yi, "To ka bar na shidan mana, ka ƙara na goma a kai. Ai yana yiwuwa ko?"

Na ce, "Yana yiwuwa, Yallaɓai. Lasisin Pro yana ba mu sau takwas a rana. Amma idan na bar na shida, da takwas da rabi za ku ga cinikin jiya na depo huɗu, da sha ɗaya kuma Oga ya buɗe ya ga na bakwai. Adadi biyu ke nan na rana ɗaya, kuma ni za a kira a ce wanne ne gaskiya."

Ya yi shiru kaɗan, ya ce a mayar da taron sha ɗaya. Irin wannan maganar baki da baki ake yin ta, kafin imel. Kada shugaban sashe ya fara jin cewa taronsa ya tashi daga aiki a cikin saƙon da aka tura wa mutum arba'in.

Mai lodin motoci ba zai iya jira har sha ɗaya ba, motoci na fita tun takwas. Shi sai muka koma da shi kan rahoton ajiya na manhajar sito, wadda ke nuna kaya kai tsaye. Ba kowace matsala dashbod ne zai warware ta ba.

Katin "Jiya": abin da ya fi cin mutane

A saman dashbod ɗin akwai kati mai suna Cinikin Jiya. Lissafin da ke bayansa shi ne:

```
Cinikin Jiya =
CALCULATE ( SUM ( Sales[Amount] ), Sales[Date] = TODAY () - 1 )
```

Wannan measure ne, kuma ana lissafa measure a lokacin da mutum ya buɗe shafin, ba lokacin sabuntawa ba. Ka ɗauka yau Laraba, ƙarfe takwas da rabi. `TODAY () - 1` zai ba da Talata. Amma sabuntawa ta ƙarshe an yi ta ranar Talata da goma na safe, kuma abin da ta ɗauko ya tsaya a cinikin Litinin. Babu Talata a ciki ko kaɗan. Katin zai nuna (Blank), manaja ya ɗauka ba a sayar da komai ba ko kuma abin ya mutu. A tsohon tsari ba a lura da wannan giɓin domin yana faruwa ne tsakanin tsakar dare da shida na safe, lokacin da kowa ke barci. Da ka matsar da lokacin, sai giɓin ya faɗo tsakiyar lokacin aiki.

Idan kuma an gina "jiya" ɗin a matsayin calculated column, matsalar ta juya, kuma ta fi muni. Shi ana lissafa shi lokacin sabuntawa, don haka da safiyar Laraba katin zai nuna cinikin Litinin cikakke, da kyakkyawan adadi, a ƙarƙashin kalmar "Jiya". Babu alamar da za ta sa mutum ya yi shakka. Fanko ya fi wannan sauƙi, domin fanko yana sa a yi tambaya.

Maganin duka biyun ɗaya ne: ka daina dogara da kalmar "jiya", ka nuna kwanan wata. Na sa katin ya riƙa ɗaukar rana ta ƙarshe da ke cikin bayanan,

```
Ranar Karshe = CALCULATE ( MAX ( Sales[Date] ), REMOVEFILTERS () )
```

sannan sunan katin ya riƙa fitowa da ranar, misali "Cinikin 12 ga Mayu". Wannan yana aiki a wajenmu saboda depo ba sa turo ciniki sai na ranar da aka rufe. Idan naku tsarin yana shigo da cinikin safiyar yau ma, sai ka cire ranar yau daga lissafin, in ba haka ba katin zai nuna maka cinikin awa biyu.

Sai kuma tambarin lokaci a kusurwar shafi. A Power Query ka buɗe Blank query ka sa wannan:

```
= DateTimeZone.RemoveZone(
    DateTimeZone.SwitchZone(DateTimeZone.FixedUtcNow(), 1))
```

Lambar 1 ɗin nan ita ce awa ɗaya da Najeriya da Nijar suke gaba da UTC. Kada ka yi amfani da `DateTime.LocalNow()`: a kwamfutarka zai ba ka agogon Kano, amma da ka wallafa rahoton zai koma agogon UTC, tambarin ya riƙa cewa 9:10 alhali 10:10 ne. Da wannan tambarin imel ɗinka ya samu abin da zai nuna wa mutane da yatsa: duba can, idan ka ga kwanan yau to sabo ne.

Zaɓen rana

Ka zaɓi Litinin da ba ta kusa da ƙarshen wata, domin a makon rufe lissafi 'yan akanta ba za su yafe maka ba. Ni 12 ga Mayu na zaɓa, na tura imel ranar Laraba 7 ga wata, na sake tunatarwa a taƙaice ranar Juma'a da safe kafin mutane su watse zuwa masallaci. Kwana uku na aiki sun isa mutum ya matsar da taro. Idan ka tura mako biyu kafin lokaci, kafin ranar ta zo an manta.

Ranar farko tana da nata abin lura. Sabuntawa ta ƙarshe a tsohon lokaci ita ce ta Lahadi da 6:00, ta farko a sabon lokaci kuma Litinin da 10:00. Tazarar awa 28 ke nan maimakon 24. Ka faɗe shi a imel. Kuma saitin da kansa ka canza shi ranar Lahadi bayan ta shida ta gama kuma ƙarfe goma ta wuce, in ba haka ba zai sake sabuntawa da goma a ranar. Idan ka canza ranar Juma'a da yamma don ka huta, canjin zai fara aiki tun Asabar, masu aikin Asabar su ga abin da ba a faɗa musu ba.

Imel ɗin kansa

Ga shi yadda na tura:

> Daga Litinin 12 ga Mayu: cinikin jiya zai fito a dashbod da 10:45 na safe
>
> Assalamu alaikum, barkanmu da aiki.
>
> Daga ranar Litinin 12 ga Mayu, dashbod ɗin ciniki zai riƙa sabuntawa da 10:00 na safe agogon Najeriya maimakon 6:00. Sababbin alƙaluma za su kasance a shirye da 10:45.
>
> Idan kuka buɗe kafin 10:45, cinikin shekaranjiya za ku gani, ba na jiya ba. Misali, ranar Laraba da 8:30 dashbod zai nuna cinikin Litinin. Na Talata zai shigo da 10:45. Katin da ke sama yanzu yana ɗauke da kwanan watan cinikin, kuma a kusurwar dama ta sama akwai lokacin sabuntawa ta ƙarshe.
>
> Dalili: depo uku suna turo cinikinsu tsakanin 8:00 da 9:30 na safe, don haka adadin da muke gani da 6:00 bai cika ba. Da sabon lokacin, duka depo bakwai za su kasance a ciki.
>
> Abin da ya shafe ku:
>
> Masu taron 8:30: an mayar da shi 11:00, kamar yadda manajan ciniki ya amince. Sabuwar gayyata na tafe.
>
> Masu karɓar hoton dashbod da 7:00: waɗanda ni na saita musu, zan gyara ranar Lahadi. Wanda ya saita da kansa, ya shiga Subscribe ya mayar da shi After data refresh (once daily).
>
> Masu Excel da ke haɗe da dashbod: ku danna Refresh All bayan 10:45. Kafin nan ba zai kawo sabon abu ba.
>
> Ranar Litinin ta farko kaɗai: kafin 10:45 za ku ga abin da aka ɗauko ranar Lahadi da 6:00, wato cinikin Asabar bai cika ba a ciki.
>
> Adireshin dashbod, izinin shiga da yadda ake lissafin alƙaluma duk suna nan yadda suke.
>
> Idan akwai aikin da kuke yi kafin 10:45 da ya dogara da cinikin jiya kuma ban ambata shi ba, don Allah ku sanar da ni kafin ƙarfe 12:00 na ranar Juma'a. Idan 11:00 ta wuce kuka ga tambarin bai nuna kwanan yau ba, ku amsa wannan saƙon.
>
> Na gode. Allah ya taimaka.
> Sashen nazarin bayanai

Ka lura da kan saƙon. Da yawa a waya za su gan shi, a cikin Keke Napep ko a layin shiga ofis, kuma ba za su buɗe ba. Wanda ya karanta kan saƙon kaɗai ya riga ya samu rana da lokaci. "Sanarwa game da dashbod" ba ya ba shi komai.

Sakin layi na biyu shi ne zuciyar imel ɗin, kuma misalin Laraba da Litinin shi ya fi yin aiki. Kalmomin "jiya" da "shekaranjiya" suna zamewa a kai, amma sunayen ranaku suna zama. Na gwada rubuta shi ba tare da misalin ba na ba wani abokin aiki ya karanta, ya ce ya gane, da na tambaye shi me zai gani ranar Laraba da safe sai ya ce Talata.

Dalilin kuma jimla biyu ya samu, ba ƙari. Ban kawo sunayen depo ukun ba, da gangan. Imel ɗin da ya je wa mutum arba'in yana cewa depo kaza ne ke makara ya zama takardar tuhuma, kuma washegari za ka sha kira daga manajojinsu. Ban kuma shiga bayanin gateway da rumbun bayanai ba. Wanda yake son wannan zai zo ya tambaya.

Layin da ke cewa ga abin da bai canza ba gajere ne amma yana rage tambayoyi sosai, domin duk wanda ya ji an taɓa dashbod tunaninsa na farko shi ne ko an taɓa lissafin kwamishonsa.

Na rubuta "agogon Najeriya" sau ɗaya a sama saboda muna da mutum ɗaya da ke duba dashbod ɗin daga Accra, inda goman Kano take tara. Idan kuna da wani a Landan abin ya fi rikitarwa: daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba agogonsu ɗaya da namu, sauran watannin suna bayanmu da awa ɗaya. Najeriya ba ta matsar da agogo, don haka ka kafa lokacin a kan namu, shi ya yi lissafin nasa.

Ranar canji da abin da ke biyo baya

Ranar Lahadi, bayan ƙarfe goma ta wuce kuma ka tabbatar a Refresh history cewa ta shida ta gama, ka shiga Settings na semantic model ɗin, ka sauka sashen sabuntawa. Fara duba Time zone: ya kasance (UTC+01:00) West Central Africa. Na taɓa gadar wani dashbod da aka bari a kan UTC, ana ta mamakin dalilin da ya sa yake makara da awa ɗaya kullum. Sannan ka canza lokacin zuwa 10:00 AM, ka dubi AM ɗin nan da kyau, ka tabbatar babu sauran layin 6:00 a ƙasa. Barin sa yana da illa ta musamman: masu After data refresh (once daily) za su samu saƙonsu bayan sabuntawar farko ta ranar, wato ta shida, da adadin da bai cika ba. Akwatin lokacin yana karɓar cikakkiyar awa ko rabi ne kawai, don haka kada ka yi wa kowa alkawarin 9:45. Ka sa adireshinka da na wani abokin aikinka a wajen sanarwar gazawa, ka danna Apply.

Idan bayanan suna zuwa ta On-premises data gateway, ka tambayi masu kula da kwamfutar da yake kai ko tana kunne da goma, musamman idan a wannan lokacin ne ake sauyawa daga wutar NEPA zuwa janareta. Idan kwamfutar ta ɗauke a tsakiyar aiki, sabuntawar ta faɗi. Kuma idan ta faɗi sau huɗu a jere, Power BI zai kashe jadawalin gaba ɗaya har sai ka shiga ka kunna da hannu.

Ranar Litinin da 10:45 ka buɗe da kanka kafin kowa. Ka ga Completed a tarihi, ka ga tambarin ya nuna yau, sannan ka duba abin da aka yi canjin dominsa: depo bakwai ɗin duk sun fito? Completed yana nufin an jawo abin da aka tarar ne kawai, ba ya nufin kowa ya turo nasa. Ni ranar farko shida na gani, na bakwai ya turo da goma da kwata. Na danna Refresh now, na amsa a ƙarƙashin imel ɗin nan na farko da layi biyu cewa an sabunta da 11:10 kuma duka depo suna ciki, sannan na kira manajan depon shi kaɗai muka daidaita cewa tara da rabi ita ce iyaka.

Kiran farko da na samu a ranar daga wani ne da ya ce har sha ɗaya da rabi tsohon adadi yake gani. Ya buɗe shafin tun takwas ya bar shi a buɗe, kuma shafin da ke buɗe ba ya canzawa da kansa. Na ce ya danna F5, adadin ya fito. Wannan layin ban sa shi a imel ɗin farko ba, sai na ƙara shi a amsar da na tura wa kowa da rana.